Bugun zuciya a barci, da tashin asuba, da zaman la'asar: tambayoyi da amsoshi

Tun da agogunan hannu masu auna bugun zuciya da ƙananan na'urorin tansiyo suka yawaita a Maradi, tambaya guda take ta dawowa ta fuskoki daban-daban. Mutum ya ga 54 cikin dare, ya ga 63 da ya farka, ya ga 82 bayan la'asar yana zaune bai ɗaga ko tsinke ba, sai hankalinsa ya tashi. Amsoshin nan na manya ne, don yara lissafinsu daban yake.

Agogona ya nuna lamba uku daban-daban a yini ɗaya, kuma duk ina hutawa. Wacce ce ta gaskiya?

Duka ukun. Zuciya ba ta da lamba guda da take tsayawa a kanta, tana bin buƙatar jiki ne minti bayan minti. Kwanciyar barci, da kwanciyar wanda ya farka, da zaman wanda ya ci abinci a cikin zafi, hali uku ne ga jiki ko da a ido duk hutu ne. Abin da likitoci suke nufi da bugun hutu shi ne na mutumin da yake farke, ya natsu a zaune ko a kwance na aƙalla minti 5, kuma ga babba ana ɗaukar 60 zuwa 100 a minti a matsayin daidai. Na barci ba ya cikin wannan ma'auni, don haka kada a auna shi da shi.

Me yake sa bugun ya hau ya sauka alhali ban motsa ba?

A saman zuciya, ɓangaren dama, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da yake kunna kowane bugu. In an bar shi shi kaɗai, gudunsa wajen 100 ne a minti ga matashi, yana ɗan raguwa da shekaru. Shaidar haka tana ga waɗanda aka yi wa dashen zuciya: da yake an yanke jijiyoyin da suke zuwa daga ƙwaƙwalwa, bugunsu na hutu yakan zauna tsakanin 90 da 110.

To me ya sa na yawancinmu yake ƙasa da haka? Saboda akwai wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya, ana kiranta bagus, wadda aikinta a nan shi ne rage gudun. Akwai kuma wasu jijiyoyin, tare da sinadarin adirenalin, masu ƙara shi. Ku ɗauke su kamar birki da totur na kabu-kabu, sai dai shi wannan babur ko a tsaye yake ƙafa tana kan birki. Mutumin da yake zaune da bugu 70 birkinsa ne a take. In bugun ya tashi daga 60 zuwa 80, galibi sassauta birkin kawai aka yi, ba a ma taɓa totur sosai ba. Shi ya sa canjin yake da sauri haka, cikin bugu ɗaya ko biyu.

Kuna iya jin aikin wannan jijiya da yatsunku. Ku taɓa jijiyar wuyan hannu, ku ja numfashi a hankali, ku sake shi a hankali. Bugun zai ɗan yi sauri wajen ja, ya lafa wajen saki. Wannan alamar lafiya ce, kuma ta fi fitowa fili ga matasa.

Don me ya fi sauka a cikin barci?

Abubuwa uku ne suke haɗuwa. Na farko, jiki a shimfiɗe yake, jini yana komawa zuciya ba tare da ya hau tudu ba, don haka zuciya tana cika sosai kafin kowane bugu. Zuciyar da take tura kimanin mililita 70 a bugu guda, sau 70 a minti, ta tura kusan lita 5 ke nan. In kowane bugu ya ɗauki fiye da haka, ana iya rage yawan bugun aikin kuma bai tauye ba.

Na biyu, buƙatar kanta ta ragu. Tsokoki sun saki, tunani ya kwanta, jiki yana ƙona abinci a hankali. A cikin barci mai nauyi jijiyar bagus ce take riƙe da ragama, tansiyo ma yana sauka tare da bugun.

Na uku shi ne agogon cikin jiki. Zafin jikin mutum ba ɗaya ba ne dare da rana: yana kaiwa ƙasa ƙwarai kafin asuba, wajen ƙarfe 3 zuwa 5 ga mai kwanciya da wuri, ya kai ƙololuwa da yamma. Bugun zuciya yana bin wannan zagaye. Saboda haka 50 zuwa 60 a barci abu ne da ake gani kullum ga lafiyayyen babba, kuma matashi mai ƙwallo ko kokawa ko noma mai wuya yana iya sauka cikin 40 da wani abu ba tare da wata illa ba.

Amma zanen agogona na dare ba a miƙe yake ba, akwai wuraren da ya yi tsalle zuwa 75.

Haka ya kamata ya zama. Barci zagaye-zagaye ne, kowanne kimanin minti 90, kuma a ƙarshen kowane zagaye akwai barcin mafarki, wanda agogo yake rubutawa REM. A nan ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar a farke, numfashi da bugu su yi ta hawa da sauka. Wannan kashi ya fi tsawo gab da asuba. Juyi a kan shimfiɗa, ko cizon sauro, ko kukan yaro, duk suna ɗaga bugun na ƴan sakanni.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne zanen da yake sauka ya yi tsalle, ya sauka ya yi tsalle, dare duka, ga mutumin da yake minshari mai ƙarfi, wanda mai ɗakinsa take cewa numfashinsa yakan tsaya sannan ya ja da ƙarfi. In ya haɗu da tashi da ciwon kai da gyangyaɗi da rana, wannan yana iya zama ɗaukewar numfashi a barci, ciwon da yake tafiya tare da hawan jini. Ya cancanci a kai shi gaban likita.

Ina aunawa da na farka, amma yau 61, gobe 74. Ina matsalar take?

Kusan kullum matsalar tana cikin abin da ya faru a mintunan da suka gabaci awon, don babu lokacin da jiki yake saurin canzawa kamar wannan. Farkawa kanta tana sassauta birkin. Wanda ya farka da kansa a hankali daban yake da wanda ƙarar waya ta fizgo daga tsakiyar mafarki. Na biyun yana iya ganin ƙarin 10 ko fiye na ɗan lokaci. Sinadarin kortizol, mai shirya jiki don aikin yini, yana hawa bayan farkawa, ya kai ƙololuwa cikin minti 30 zuwa 45.

Sai babban dalilin, miƙewa tsaye. Da mutum ya tashi, kimanin rabin lita na jini ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki. Abin da yake komawa zuciya ya ragu, kowane bugu ya ɗauki kaɗan, sai jiki ya cike giɓin da ƙarin bugu. Cikin sakan 15 na farko yakan yi tsalle, sannan ya daidaita a kan 10 zuwa 20 sama da na kwance.

Ku duba yadda asubar Maradi take. Ladan ya kira, mutum ya tashi, ya zaga bayi, ya yi alwala, ya taka zuwa masallaci, ya yi ruku'u da sujada, ya dawo. In ya auna a nan ya ce wannan ne na farkawa, ya auna wani abu daban da wanda ya auna jiya kafin ya sauko daga gado. Wanda kuma ya koma barci bayan salla ya tashi ƙarfe 7 yana da farkawa biyu, kuma ba lallai lambobinsu su zo ɗaya ba. Shawarata a zaɓi guda a tsaya a kai. Wanda na fi so shi ne farkawar farko: a zauna a kwance minti 2 ko 3, ba a duba saƙonnin waya ba, sannan a auna. In fitsari ya matsa, a je a dawo a kwanta minti 5, domin cikakkiyar mara ma tana ɗaga bugu.

Da la'asar ina zaune a inuwa, ba na komai, ga shi 80 da wani abu. Me zuciyar take yi?

Aiki take yi, aikin da ba a gani. Zama kansa ya fi kwanciya da ƴan bugu, don ƙafafu suna ƙasa. Agogon jiki yana kusa da ƙololuwarsa. In an ci tuwo ko shinkafa ko an sha fura mai kauri da azahar, hanji yana jan jini mai yawa, kuma wannan yakan ƙara 5 zuwa 10 na awa ɗaya ko biyu. Abinci mai yawa ya fi ƙarawa.

Amma a garin nan zafi ne babba. Jiki ba shi da hanyar fitar da zafi sai ta fata, kuma jini ne yake kai zafin can. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana take wuce digiri 40, jijiyoyin fata suna buɗewa, jini mai yawa ya koma can, zuciya ta ƙara bugu don sauran gaɓoɓi kada su rasa. Ga gumi yana fita, yana rage ruwan da yake cikin jini, kowane bugu ya ƙara ƙanƙancewa. Mutum guda, a kujera guda, a sa'a guda, yana iya ganin bambancin 10 tsakanin la'asar ta Janairu cikin hunturu da ta Afrilu. Mai zama a shagon kwano marar iska ya fi kowa ganin wannan.

Sai saura na motsin da ya wuce. Wanda ya tako daga kasuwa cikin rana ya zauna, bugunsa yana faɗowa da sauri a minti biyu na farko, amma ragowar ba ta gama sauka sai bayan minti 15 ko fiye. Magana ma tana ɗaga shi, balle ciniki mai zafi ko lissafin bashi.

Shayin fada da goro fa?

Suna da kafeyin, kuma rabinsa yana nan cikin jini bayan awa 5 ko kusa da haka. Amma ga wanda ya saba, tasirinsa a kan yawan bugu ƙarami ne, ba kamar yadda ake zato ba. Ya fi taɓa tansiyo da barci. Inda yake ɓarna shi ne shayin dare: barci ya yi sama-sama, bugun dare ya ƙi sauka yadda ya saba. Taba ita ce ba ta da wasa. Kara guda yana iya ƙara 10 zuwa 20 na kusan rabin awa, don haka awon da aka yi bayanta ba awon hutu ba ne.

Za a iya ba da misali da lambobi, mu ga yadda ake karanta su?

Mu ƙaddara tela ne ɗan shekara 42, lafiyarsa lau, ba ya shan taba, yana da shago kusa da babbar kasuwa. A wani mako na watan Afrilu agogonsa yana nuna mafi ƙanƙantar bugun dare 54, wajen ƙarfe 4. Da farkawa, yana kwance, ya ƙirga 62. Da ya dawo daga masallaci ya zauna, 74. Ƙarfe 4 na yamma a shago, bayan ya ci shinkafa da wake ƙarfe 2 da rabi, 83.

Daga 54 zuwa 62, farkawa ce kawai. Daga 62 zuwa 74, tsayuwa ce da tafiya da zama maimakon kwanciya. Daga nan zuwa 83, abinci ne da zafi da ƙarancin ruwa da lokacin yini. Tazarar kusan 30 tsakanin dare da la'asar ba ta nuna ciwo. Ni ma na fi natsuwa da ganin zuciyar da take sauka sosai da dare ta hau da rana, don alama ce jijiyoyin da suke sarrafa ta suna amsawa.

Yanzu a ce mako na gaba lambobin sun zama haka: dare 68, farkawa 75, la'asar 88. Duk suna ƙasa da 100, wanda ya duba ma'aunin 60 zuwa 100 kawai zai ce ba komai. Amma ku lura da inda canjin ya fi yawa. La'asar ta ƙaru da 5 kacal, dare ya ƙaru da 14, farkawa da 13. Lambar la'asar tana da hayaniya da yawa, abubuwa da dama suna jan ta, shi ya sa ba ta saurin nuna sabon abu. Ta dare da ta farkawa su ne masu tsabta. In sun hau haka kwana uku a jere, wani abu yana hana jiki hutawa. Abu na farko da telan nan zai yi shi ne ya auna zafin jikinsa, domin kowane digiri 1 na zazzaɓi yana ƙara kimanin bugu 10, kuma wani lokaci bugun dare yana hawa kafin mutum ya ji masassarar a jikinsa. In da zazzaɓi, ya je a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina da bayanta. In babu, ya tambayi kansa: ɗakin ya yi zafi saboda ɗauke wuta? Ya ci abinci mai nauyi gab da kwanciya? Yana ɗinkin salla har ƙarfe 2 na dare? Ya fara wani sabon magani? In ya gyara waɗannan lambar ta koma 62, an gano dalili. In ta ƙi komawa bayan mako biyu, sai asibiti.

Wace lamba zan riƙa rubutawa, kuma yaya zan auna ba tare da agogo mai tsada ba?

Ta farkawa. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a kan wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ba a danna da ƙarfi ba. A ƙirga na sakan 30 a ninka biyu. Kada a yi na sakan 15 a ninka huɗu, don kuskuren bugu ɗaya yana zama 4 a lissafi. In bugun ba ya tafiya daidai, a ƙirga minti guda cur. A rubuta na kwana 7 zuwa 10, a duba inda yawancinsu suka taru. Wannan ita ce lambarku, da ita za ku riƙa gwada na gaba.

Na'urar tansiyo ma tana ba da bugu, ita ce lamba ta uku a ƙasan allo. Sai dai matsar hannun da fargabar sakamako suna ɗan ɗaga na farko, don haka a jira minti 1 a sake, a ɗauki na biyu.

Agogona da na abokina sun ba ni bugun hutu daban a rana ɗaya.

Kowane kamfani da yadda yake lissafa abin da ya kira bugun hutu. Wani yana haɗawa da na barci, wani yana ɗaukar na lokutan da mutum yake farke bai motsa ba. Shi ya sa ba a gwada na wannan da na wancan. Kuma agogon ba ya jin zuciya kai tsaye, koren haske yake haskawa cikin fata ya karanci kumburin jini. In ya yi sako-sako, ko hannu ya yi sanyi da asubar hunturu, ko an kwanta a kansa, yana iya rubuta 38 ko 130 da ba su faru ba. Lamba guda mai ban tsoro a zane, wadda ta zo ta wuce cikin minti ɗaya ba tare da an ji komai ba, a tabbatar da ita da yatsa kafin a tsorata.

Malam, ina da juna biyu, wata 7. Ko da asuba 85 nake gani, da can 68 ne.

Hajiya, wannan yana cikin abin da ake tsammani. Jinin mai ciki yana ƙaruwa sosai, bugu kuma yakan hau da 10 zuwa 20 zuwa watannin ƙarshe, dare da rana. Amma ki faɗa wajen awo, a duba yawan jininki, domin ƙarancin jini ma yana ɗaga bugu kuma ya yi yawa ga masu ciki. Abin da nake roƙo kada a yi wasa da shi shi ne ƙarshen ciki da watannin bayan haihuwa. In bugu ya ƙi sauka, ga haki in kin kwanta har sai kin tada kai da matashi, ga kumburin ƙafa da tari da dare, kada a ce gajiyar jego ce. Akwai raunin zuciya da yake kama mata a wannan lokaci, sananne ne a ƙasar Hausa, kuma yana da magani in an je da wuri.

Magunguna suna canza wannan tsari?

Ƙwarai. Atenolol da danginsa, da ake ba wasu masu hawan jini, suna toshe tasirin adirenalin, sai bugun rana ya sauka, tazarar dare da la'asar ta matse. Mai shan su yana iya ganin 56 da la'asar, kuma kada ya daina sha kwatsam don ya ga lamba ƙasa. Ya koma ga wanda ya rubuta masa. Salbutamol na masu asma yana ɗaga bugu bayan an shaƙa, haka ma wasu magungunan mura masu buɗe hanci.

Yaushe zan bar lissafi in tafi asibiti?

Nan take, in saurin bugu ko jinkirinsa ya zo da ciwon ƙirji, ko suma, ko haki a zaune, ko jiri mai hana tsayuwa. Cikin ƴan kwanaki, in bugun farkawa yana wuce 100 kullum ba zazzaɓi. Ko yana ƙasa da 50 a farke ga wanda ba ɗan wasa ba kuma yana jin kasala da jiri. Ko bugun ya rikice, ba tsari, wani da sauri wani da jinkiri, musamman ga dattijo ko mai hawan jini, domin irin wannan rikicewa tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Haka in tsayuwa kawai tana ƙara 30 ko fiye, ya ƙi sauka har minti 10, tare da jiri. Wanda bugunsa ba ya sauka ko a barci, yana ramewa alhali yana ci, hannunsa yana rawa, ba ya jure zafi, a duba masa maƙogwaro, don ƙullin da yake kumbura ya zama maƙoƙo yana iya yin aiki fiye da kima. A tafi da takardar lambobin, da lokacin da aka ɗauki kowacce, da kwalayen magungunan da ake sha.

A watan azumi lambobina sun birkice. In damu?

Azumi yana juya jadawalin ne. Abinci mai nauyi ya koma dare, don haka bugun farkon barci yakan fi na kullum, kuma mafi ƙanƙantarsa yana iya jinkirta ko sahur ya katse shi. Da rana babu narkar da abinci, wasu ma sukan ga bugun hantsi ya sauka, amma in azumin ya faɗo cikin bazara, ƙishirwa tana ɗaga na la'asar, musamman in an miƙe tsaye. A auna da farkawar sahur kafin a ci komai, a gwada kwanakin azumi da junansu, kada a gwada su da na Sha'aban. Mai ciwon zuciya ko mai shan maganin fitar da ruwa ya ga likitansa kafin watan ya kama, a tsara masa lokutan shan magani.